Yaron shago da albashin wata uku

A layukan Kantin Kwari da Sabon Gari da Singa a Kano, ana ce masa yaron shago ko da ya yi gemu ya tara iyali. Shi ke buɗe ƙofa da safe, ya share, ya jera kaya, ya tari mai saye, ya ruga sito ya ɗauko dila. Kuɗin da yake ƙirgawa a wuni sukan fi albashinsa na shekara. Duk da haka, abin da ya fi yi masa nauyi a baki shi ne ya dubi ubangidansa ya ce wata ya ƙare.

Ga labarin ɗaya daga cikinsu, irin wanda ba sai an kama suna ba. Kawunsa ne ya kai shi wurin wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda. Aka yi magana da baki: naira 40,000 a wata, ban da naira 1,000 ta abinci kullum. Shekarar farko lafiya lau. Daga nan biyan ya fara ja da baya, daga ƙarshen wata zuwa goma ga wata, zuwa "bari kaya su iso". In ya yi ƙorafin kuɗin mota, sai Alhaji ya zaro dubu biyar ko goma ya miƙa masa, ya ce ya riƙe wannan tukuna. Kafin ya farga wata uku sun taru, mai gidan haya ya fara aike, mai kantin unguwa ya rufe masa littafin bashi.

Me ya hana shi magana? Kunya da tsoro, da kuma wani abu na uku da ya fi su ƙarfi, wato sa rai da sallama. A al'adar kasuwa, yaron da ya yi shekaru yana biyayya yakan sa ran ranar da ubangida zai ba shi jari ko ya buɗe masa shago. Saboda haka yana ganin in ya nemi dubu arba'in yau, zai yi asarar miliyan gobe. Wasu iyayen gida sun san da wannan, shi ya sa da an taɓo zancen albashi sai ka ji sun ce, "Ai ajiye maka nake yi." A nan ne abubuwa uku suke cakuɗewa. Albashi haƙƙi ne mai lokaci. Ajiya ba ta zama ajiya sai mai kuɗi ya yarda kuma ya san adadinta. Sallama kuwa alheri ce, sai fa in an yi alkawarinta a fili tun farko. Muddin aka bar su a dunƙule, yaron ne ke kwana ciki.

Abin da ya fara yi ba magana ba ce, lissafi ne. Ya samu takarda ya rubuta: wata uku, naira 120,000. Ya bi saƙonnin banki a wayarsa da abin da ya tuna an ba shi a hannu, ya sami 10,000 da 15,000 da 5,000, kowanne da ranarsa. Jimla 30,000, saura 90,000. Sannan ya je ya gaya wa kawun nasa, don kada labari ya riga shi isa gida da wata fuska daban. Wannan ba ƙaramar dabara ba ce, domin wanda ya kawo ka shi ne shaidar sharaɗin da aka yi, tunda babu rubutu.

Bai yi maganar a gaban masu saye ba, bai kuma yi ta a gaban sauran yara ba. Ya bari sai bayan la'asar, ranar da aka yi ciniki mai kyau, an gama haɗa kuɗi, shago ya rage su biyu. Ya rusuna ya ce:

"Alhaji, ranka ya daɗe, ina da 'yar magana in an ba ni dama."

"Ina jin ka."

"Maganar albashina ce. Wata uku ke nan. Na rubuta abin da na karɓa, ga shi, saura naira dubu casa'in. Mai gida ya ba ni zuwa ƙarshen wata."

Alhaji ya ɓata rai. "Yanzu ni za ka kawo wa takarda? Ni da na ɗauke ka kamar ɗan cikina? Abincin da kake ci kullum fa? Turmin nan da ya ɓace watan jiya, wa ya biya?"

Nan ne yawanci ake faɗuwa. Wani ya ce "Allah ya ba ka haƙuri" ya naɗe takardarsa, wani kuma ya ɗaga murya har maƙwabta su taru, a manta da bashi a koma zancen rashin kunya. Shi bai yi ko ɗaya ba. Ya ce, "Alherinka ban manta ba, Alhaji. Kuɗin abinci daban aka yanka mini shi a gaban Kawu. Turmi kuwa mu uku ne a shagon ranar, a bincika, in ni ne na yarda. Abin da nake roƙo shi ne a sa mini rana. In ba zai yiwu gaba ɗaya ba, a ba ni rabi Juma'ar nan, rabi ƙarshen wata."

Alhaji bai ce komai ba, ya ce a rufe shago. Kwana biyu yana amsa gaisuwa da ƙyar. Ran Juma'a sai ga 45,000 ta shigo waya. Ragowar ba ta fito ba sai da kawun ya tako kasuwa da kansa, bayan mako biyar.

Yaron bai san doka ba, amma doka tana bayansa. Sashe na 15 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya ce lada yana wajaba da ƙarewar lokacin da aka yi yarjejeniya a kansa, kuma tazarar biya kada ta wuce wata guda. Sashe na 7 ya ɗora wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, abin da da wuya ka gan shi a kasuwa. Batun turmi ma sashe na 5 ya taɓo shi: ba a cire kuɗin asara daga albashi sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce. Ta fuskar addini, malamai sun daɗe suna karantar da cewa jan rai daga mai halin biya zalunci ne.

Sai dai dokar tana da iyaka. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, don haka yawancin shaguna ba sa ciki. Dokar Ƙwadago kuma ba ta lissafa iyalan mai aiki cikin ma'aikata ba, alhali yaran shago da yawa 'yan gida ne. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kano, amma wa zai ɗauki lauya a kan dubu casa'in? Shi ya sa in magana ta ƙi ci, hanyar da ta fi kusa ita ce wanda ya kawo ka, sai shugabannin layi ko ƙungiyar 'yan kasuwa, sai Hisbah mai zaman sulhu, sai ofishin ƙwadago.

Abu guda da bai kamata yaro ya kusanta ba shi ne ya biya kansa daga kuɗin ciniki, ko ya riƙa ɗora wa kaya farashi a ɓoye da sunan rage bashi. Ranar da aka gano, mai bin bashi ya zama ɓarawo, zance ya koma hannun 'yan sanda, babu kuma wanda zai sake tambayar wata nawa yake bi.

Ku kuma iyayen gida, kasuwa takan tsaya, kowa ya sani. In haka ta faru, ku kira yaro ku gaya masa nawa yake bi da ranar da za a biya shi, kafin shi ya zo muku da takarda.