Kaskod: Abin da Ake Samu Idan Aka Ɗora Turansista Kan Turansista

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin rediyo ko amfilifaya ya ga wasu ƙananan abubuwa baƙaƙe masu ƙafa uku. Su ne turansistoci. Aikin kowacce shi ne ta karɓi sigina mai rauni a ƙafar da ake kira bes, ta yi amfani da ita wajen sarrafa wutar da ke kwarara daga ƙafar kolakta zuwa ƙafar emita. Idan wannan kwarara ta ratsa ta cikin resista, sai a sami sigina babba a mafita. Yawan ninkin da aka samu shi ne riɓin amfilifayar.

Turansista ɗaya tana da iyakar da ba ta wucewa, kuma injiniyoyi sun daɗe da samo dabarar tsallake wannan iyaka: su ɗora wata a kanta, kwarara ɗaya ta bi ta cikinsu duka biyun. Sunan wannan haɗi kaskod. Ya girmi turansista ma, domin Hunt da Hickman ne suka fara kiransa haka a 1939, lokacin da ake aiki da bututun gilashi.

Mu fara da matsalar. Abin da ake so shi ne siginar da ke bes kaɗai ta yanke yawan wutar da za ta kwarara, komai hawa da saukar boltej a kolakta. Turansistar gaskiya ba ta cika wannan sharaɗi. Idan boltej ɗin kolakta ya hau, kwararar ma sai ta ɗan ƙaru, abin da James Early ya bayyana a 1952. Ga misali: ƙaramar turansista da ke ɗauke da miliamfiya 1, mu ɗauka kwararar tata na ƙaruwa da maikuro'amfiya 10 duk lokacin da kolakta ya hau da bolt 1. Idan aka raba bolt ɗin da wannan ƙari, za a sami kilo'om 100. Wannan ita ce turjiyar mafita, wadda ake rubutawa ro. Tamkar wata resista ce a ɓoye cikin turansistar, tana sace wani kaso na siginar da aka wahala wajen samarwa.

Riɓi kuwa yana fitowa ne daga abu biyu:

```
Av = gm × R
```

A nan gm shi ne yadda kwarara ke amsa motsin bes, kuma a miliamfiya 1 yana kusan miliamfiya 40 ga kowane bolt. R ita ce dukkan turjiyar da sigina ke tararwa a mafita, har da waccan ta ɓoye. Saboda haka ko da an ba turansistar nan kaya mafi kyau a duniya, riɓinta ba zai wuce 40 sau 100 ba, wato 4,000.

Yanzu a ɗora ta biyu. Ta ƙasa, Q1, ita ke karɓar sigina a bes ɗinta kamar da. Kolaktanta ana haɗa shi da emitan ta sama, Q2, sannan a ɗaure bes ɗin Q2 a kan wani boltej tsayayye da ba ya motsi. Mafita ta koma kolaktan Q2. Sirrin duka yana cikin wannan ɗauri. Emitan turansista mai aiki kullum yana zama kimanin bolt 0.7 ƙasa da bes ɗinta. Tunda bes ɗin Q2 a kafe yake, emitanta ma a kafe yake, kuma nan ne kolaktan Q1 yake. Q2 ta zama kamar zauren gida: hayaniyar titi a nan take tsayawa, na cikin gida ba sa jin ta.

A lissafi, idan mafita ta hau da bolt 1, mahaɗar da ke tsakanin turansistocin biyu tana motsawa da kashi ɗaya cikin 4,000 ne kawai, rubu'in milibolt. Wannan ɗan motsi bai isa ya canza kwararar Q1 da wani abin kirki ba. Sai dai akwai wata 'yar kafa da ta rage. Rubu'in milibolt ɗin nan yana rage kwararar bes ɗin Q2 da kimanin kashi ɗaya cikin goma na maikuro'amfiya, kuma abin da bes ya rasa a kolakta yake bayyana. To, bolt 1 a raba da wannan ya ba da om miliyan 10. Turjiyar mafita ta tashi daga kilo'om 100 zuwa ninki ɗari. Ninkin nan shi ne β na Q2, wato yawan da kwararar kolakta ta fi ta bes, wanda muka ɗauka 100 ne. Shi ya sa ɗora ta uku a irin waɗannan turansistoci kusan ba ya ƙara komai. A MOSFET lamarin ya bambanta, domin ƙafar da ke sarrafa ta ba ta shan wuta, sai ninkin ya zama gm × ro gaba ɗayansa, kuma hawa na uku yana biya.

A nan ne ɗalibai da yawa ke karaya, kuma ina ganin laifin na masu koyarwa ne da ke tsayawa a kan babbar lamba su wuce. Mutum zai haɗa kaskod, ya sa resistar kilo'om 4.7 a kolakta, ya auna, ya tarar riɓi bai motsa ba. Gaskiyar mita ce. Resistar waje da turjiyar mafita a jere suke gefe da gefe, kuma a irin wannan haɗi ƙaramar ce ke rinjaye. Da turansista ɗaya riɓin ya kai kusan 180, da kaskod kusan 188. Kafin a ci moriyar om miliyan 10, sai an cire resistar an sa wata turansista da ke ba da kwarara tsayayya. Idan ita ma turjiyarta kilo'om 100 ce, riɓi zai tashi daga 2,000 zuwa kusan 4,000. Idan kuwa aka yi mata nata kaskod ɗin, lissafi zai kai 200,000. Haka ake yi a cikin ƙananan ƙwayoyin lantarki, inda turansista ta fi babbar resista araha.

To me mai resistar kilo'om 4.7 ya samu? Ya sami sauri. Tsakanin bes da kolaktan kowace turansista akwai ɗan ƙarfin riƙe caji, kamar fikofarad 3. Idan kolakta na lilo da ninki 180 na motsin bes, siginar da ke shigowa za ta ji kamar fikofarad 540 ne a gabanta, sai sigina masu saurin kaɗawa su shaƙe. Wannan shi ne tasirin Miller. A kaskod, kolaktan Q1 yana motsawa ne daidai gwargwadon bes ɗinta kawai, sai nauyin ya tsaya a kusan fikofarad 6. Dalilin da ya sa aka daɗe ana amfani da kaskod a matakin farko na na'urorin kama tashoshi ke nan.

Duk wannan ba ya samuwa sai an saita boltej daidai, domin hawa biyu ne ke raba wuta ɗaya. Mu ɗauki wuta mai bolt 12 da turansistocin BC547 guda biyu, mu gina daga ƙasa zuwa sama.

Muna son miliamfiya 1. Sai mu sa resistar kilo'om 1 a emitan Q1, mu nemi bolt 1 a kanta. Wannan resista ita ke hana kwarara gudu idan turansista ta ɗumama, kuma ana sa mata kafasitar maikurofarad 100 a gefenta don kada ta rage riɓi. Bes ɗin Q1 zai zauna a bolt 1.7.

Babbar shawarar ita ce boltej ɗin bes ɗin Q2, domin shi ne ke yanke rabon Q1. Idan tazarar kolakta da emita ta faɗi zuwa kimanin bolt 0.2, turansista ta ƙoshi, ta daina aikin riɓanyawa. Ba a son a kusanci wannan gaɓa. Bolt 2 rabo ne mai kwanciyar hankali, saboda haka kolaktan Q1 zai zauna a bolt 3, bes ɗin Q2 kuma a 3.7. Wani zai ce me zai hana a ƙara wa Q1? Amsa ita ce duk bolt ɗin da aka ba ta, daga filin da mafita ke lilo aka yanko shi. Kolaktan Q2 bai kamata ya sauka ƙasa da bes ɗinta sosai ba, wato 3.7, kuma ba zai iya hawa sama da 12 ba. Resistar kilo'om 4.7 tana cin bolt 4.7, sai mafita ta huta a 7.3, kusa da tsakiyar filin: bolt 4.7 na hawa, 3.6 na sauka.

Boltej biyun nan ana samo su ne daga resistoci uku a jere, daga bolt 12 zuwa ƙasa: kilo'om 39, sai 10, sai 8.2. Bes ɗin Q2 a mahaɗar sama, na Q1 a ta ƙasa. Kwararar da ke bin wannan layi kusan miliamfiya 0.2 ce, ninki ashirin na abin da kowane bes ke sha, don haka bambancin β tsakanin turansistoci ba zai rikita saitin ba. A aikace mita za ta nuna kusan 1.6 da 3.6, kuma hakan ya wadatar. Kada a manta da kafasita daga bes ɗin Q2 zuwa ƙasa, kamar maikurofarad 10 tare da ƙarama ta nanofarad 100. In babu ita, siginar da ke shiga bes ɗin Q1 za ta biyo ta resistar tsakiya ta girgiza bes ɗin Q2, ɗaurin da aka dogara da shi ya sassauta.

Idan abu ya ƙi, mita za ta faɗi inda yake. A auna tsakanin kolakta da emitan Q1. In an ga ƙasa da bolt 0.3, bes ɗin Q2 ya yi ƙasa da yawa. Sauti zai fito a raunane, a gurɓace. In kuwa sauti na fita lafiya a hankali amma ya yayyage da zarar an ƙara murya, a duba tazarar mafita da bes ɗin Q2, wataƙila an ɗaga shi ya cinye filin sauka. Akwai kuma lokacin da lambobin mita ke canzawa da an kawo yatsa kusa da wayoyi. Wannan alama ce ta da'irar na kaɗawa da kanta a wani sauri da kunne ba ya ji. Maganinsa a taƙaita wayoyi, a sa resistar om 100 dab da ƙafar bes ɗin Q2.

Mai aiki da batirin bolt 3 ya yi wannan lissafi tun kafin ya kunna ƙarfen sodarsa, domin hawa biyu za su bar masa filin lilo ƙanƙane ƙwarai. Wanda ke da bolt 9 ko 12 kuwa, ya fara da auna emitan Q1, sannan kolaktanta, sannan mafita. Idan ya ga kusan 1, da 3, da 7, ya sa sigina.