Saƙon da ke fitowa idan ka matsa Shift sau biyar

Duk mai amfani da kwamfuta mai Windows zai iya cin karo da shi, ko yaro mai wasan kwamfuta, ko mai buga takardu da ke ƙwanƙwasa maɓalli yana tunanin abin da zai rubuta. Da zarar an matsa Shift sau biyar a jere, sai a ji 'yar ƙara, wani akwati ya faɗo kan allo yana tambaya: "Do you want to turn on Sticky Keys?" Mutane da yawa sukan ɗauka cuta ce ta shiga na'urar. Lafiyarta ƙalau. Tambaya kawai take yi, ko mai rubutun yana bukatar wani taimako da aka tanada domin wanda ba ya iya danne maɓallai biyu a lokaci guda.

Maɓallan Shift, Ctrl da Alt ba sa rubuta komai su kaɗai, sai an riƙe su an haɗa da wani. Wanda ya ƙirƙiro wannan tsari ya ɗauka kowa na da hannu biyu masu lafiya. To, ina wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko wanda ya rasa hannu a haɗarin mota, ko mai karaya da aka ɗaure wa hannu? Akwai ma masu rubutu da sanda a baki, waɗanda maɓalli ɗaya tak suke iya taɓawa. Domin irinsu ne masu bincike a cibiyar Trace ta Jami'ar Wisconsin a Amurka suka yi aiki a kan wannan dabara a shekarun 1980, daga baya ta shigo cikin Windows 95. Ita ma hanyar kunna ta, yatsa ɗaya ya ishe ta.

A ɗauki wani malami da hannunsa na hagu ya daina aiki, yana son rubuta adireshin imel. Ya zo kan alamar @, wadda a yawancin kwamfutocinmu sai an haɗa Shift da 2. Caps Lock ba zai cece shi ba, domin haruffa kaɗai yake mayarwa manya. Idan Sticky Keys na kunne, sai ya matsa Shift ya ɗaga yatsa, kwamfuta ta riƙe masa, sannan ya matsa 2. Alamar ta fito, Shift ya saki da kansa. Haka zai yi wajen kwafi: Ctrl, sannan C. Har Ctrl+Alt+Del, wanda ya fi wahalar da mai hannu ɗaya, zai bi su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai mataki na biyu da mutane ba su cika sani ba. Matsa Shift sau biyu a jere yana kulle shi, ba ya saki sai an sake matsawa. Malamin nan zai amfana da hakan idan yana son zaɓar layi guda: ya kulle Shift, ya bi da maɓallin kibiya har inda yake so, sannan ya buɗe. Amma a nan ne kuma wanda ya kunna abin bisa kuskure yake ruɗewa. Zai buga lamba ya ga alama na fitowa, ko ya shigar da kalmar sirri a ce ba daidai ba. Ana gane dalili ta wurin duba ƙasan allo, wajen agogo, inda wani ɗan hoton maɓallai yake nuna wanda ke riƙe. Galibi danne Shift tare da wani maɓalli a lokaci guda yana kashe tsarin.

Wannan sauƙin kashewa kuwa shi ke cutar mai bukata idan kwamfutar ta haɗaka ce. Ɗansa ya zauna ya yi rubutu da hannu biyu, uban ya dawo ya tarar taimakon ya tafi. Maganin yana cikin Settings, sai Accessibility, sai Keyboard a Windows 11, ko Ease of Access a Windows 10. A can ake cire zaɓin kashewa idan an danne maɓallai biyu.

A can ne kuma mai wasa zai hana akwatin fitowa. Idan kwamfutarsa ce shi kaɗai, ba laifi. Amma ta makaranta, ta ofis ko ta shagon buga takardu, ina ganin a bar ta yadda take, a matsa No a wuce. Mai hannu ɗaya da ya zauna gaban na'urar da ba tasa ba, da wannan matsawa biyar ɗin yake fara aiki ba tare da ya roƙi kowa ba.