Cike Allo, Taga Marar Baki ko Taga Mai Baki: Wanne Ya Fi Dacewa da Wasan Kwamfuta?

Duk wanda ya taɓa buɗe saitin hoto a wasan kwamfuta ya ci karo da zaɓi uku a jere: Fullscreen, Borderless da Windowed. Na farko wasan ne ke mamaye allon gaba ɗaya ya zama shi kaɗai ke iko da shi. Na uku taga ce irin wadda aka saba gani, mai baki da maɓallin rufewa a kusurwa. Na tsakiya kuwa taga ce da aka cire wa baki aka shimfiɗa ta har ta rufe allon, shi ya sa ido ba ya bambanta ta da na farko.

Shawarar da aka daɗe ana yi wa sababbin 'yan wasa ita ce su zaɓi na farko, domin sauran biyun suna sa hannu ya riga hoto. A da maganar gaskiya ce. Yau kuwa, a kwamfutar da ke ɗauke da Windows 10 ko 11, sunan da ke cikin saitin ba shi ke yanke hukunci ba. Abin da ke yankewa shi ne hanyar da hoton ya bi kafin ya iso ido.

Inda jinkirin ke ɓuya

Tun daga Windows Vista akwai wani sashe na manhajar da ake kira Desktop Window Manager, a taƙaice DWM. Aikinsa shi ne ya karɓi hoton kowace taga da ke buɗe, ya jera su wata bisa wata, ya haɗa su hoto guda, sannan ya miƙa wa allo. A Windows 7 ana iya kashe shi, amma daga Windows 8 da ya fito a 2012 aka rufe wannan ƙofa.

A ɗauki DWM kamar dillali a kasuwa. Wasan da ke cikin taga ba ya kai hotonsa ga allo da kansa, sai ya damƙa wa dillali, shi kuma dillalin yana da lokacin da yake miƙa kaya, ba ya gaggawa don wani. Wasan da ya karɓi ikon allo kuwa hannu da hannu yake ciniki.

La'adar dillalin lokaci ce, kuma ana iya lissafa ta. Allon da ke aiki a 60 Hz yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa ɗaya. In aka raba daƙiƙa gida dubu, kowane kashi ana ce masa milisakan, to tsakanin hoto da hoto akwai milisakan 16.7. Bi ta hannun DWM yakan ƙara jiran kusan hoto ɗaya, wani lokacin ma fiye. Mai karanta jarida a kwamfuta ba zai taɓa lura ba. Amma mai wasan harbi, wanda ke juya linzami yana son bakin bindiga ya biyo shi nan take, zai ji kamar hannunsa ya yi nauyi.

Akwai ladan wannan jira. Tunda DWM yana jiran allo ya gama zana hoto kafin ya ba shi wani, hoton ba ya yagewa. Yagewa ita ce layin nan da ke bayyana a kwance yayin da aka juya da sauri, rabin sama na allo yana nuna tsohon hoto, rabin ƙasa yana nuna sabo. A Fullscreen, in aka kashe V-Sync, ana samun saurin amsawa amma ana haƙuri da wannan layi.

Kada a haɗa wannan jinkiri da na intanet. In ka danna maɓalli ɗan wasanka ya motsa nan take, amma abokin karawa yana tsalle daga wuri zuwa wuri, matsalar layi ce, kuma babu saitin allo da zai magance ta.

Abin da ya sauya

Microsoft ya fito da wata hanya ta miƙa hoto tun a Windows 8, ya ƙara inganta ta a Windows 10. Maimakon a kwafi hoton wasa a kai wa DWM, sai a nuna masa inda hoton yake kawai. Idan kuma tagar wasan ta rufe allon duka, babu abin da ke samanta, DWM yakan ja gefe, hoton ya wuce kai tsaye. A wannan hali taga marar baki tana amsawa da sauri kusan daidai da cike allo na asali.

Haka kuma a Windows 10 aka shigo da tsarin da ke yi wa wasanni da yawa dabara: wasan na zaton ya karɓe allon, alhali Windows ya sa shi a cikin ingantacciyar taga marar baki. Wasannin da aka gina kan DirectX 12 ma ba su da cike allo irin na da, ko da an rubuta Fullscreen a saitinsu. A sabuntawar Windows 11 ta 2022 aka ƙara wani maɓalli, Optimizations for windowed games, wanda ke ɗora wasannin DirectX 10 da 11 a kan sabuwar hanyar in suna cikin taga. Saboda haka tsohuwar shawarar ta fi aiki ne a kan tsofaffin wasanni, musamman na zamanin DirectX 9.

Fita da dawowa

Nan ne bambancin ya fi fitowa fili. Kana tsakiyar wasa sai saƙo ya shigo, ka danna Alt+Tab. A taga, mai baki ko marar baki, Windows yana ɗora wata taga ne kawai a kan wasan, kafin ƙiftawar ido an gama. A cike allo na asali dole wasan ya saki allon, Windows ya karɓa, in za ka dawo kuma a sake musayar. Idan girman hoton wasan ya bambanta da na Windows, ko yawan sabuntawarsu bai zo ɗaya ba, allon kansa sai ya sake daidaita siginar. Wannan ne baƙin da ke rufe fuska na 'yan daƙiƙu, wani lokaci har tagogin da ka bari a baya su takure ko su sauya wuri.

Tsofaffin wasanni sun fi shan wahala a nan. A DirectX 9, da zarar wasa ya rasa allon ana ɗaukarsa ya rasa alaƙarsa da katin hoto, kuma wajibi ne ya sake gina wasu abubuwan da ya ajiye a can idan ya dawo. Wasan da masu shi suka rubuta wannan sashe da kyau zai dawo lafiya. Wanda aka yi wa sakaci sai ya dawo da baƙin allo sauti na ci gaba, ko ya rufe kansa, duk abin da ba ka adana ba ya tafi. Alamar gane wannan cuta mai sauƙi ce: wasan yana tafiya sa'o'i ba matsala, amma ba ya faɗuwa sai an fita an dawo. Maganinta yawanci komawa Borderless ne.

Idan wasa ya daskare ya riƙe allon har Task Manager ya buɗe a bayansa ba a gani, danna Win+Ctrl+D. Zai buɗe sabon tebur babu komai a kai, daga nan Ctrl+Shift+Esc zai ba ka damar kashe wasan.

Taga ma tana da nata aibin. Ga mai allo biyu, linzami kan zame ya fita zuwa ɗaya allon a wasan da bai killace shi ba, danna ɗaya kuma ya fitar da kai daga fage. Sanarwa na iya faɗowa a kan wasa, kuma a wasu kwamfutocin wannan kaɗai ya isa ya dawo da DWM tsakani har sai ta ɓace.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ce mutum ya sayi allo mai 144 Hz, girman hotonsa 1920 da 1080, ya haɗa da kwamfuta mai Windows 11, yana wasan harbi na DirectX 11. A Fullscreen wasan sumul yake, amma da ya koma Borderless sai ya ji nauyi. Zai yi saurin ɗora laifin kan tagar, alhali akwai abin dubawa kafin nan.

Taga ba ta da ikon sauya saurin allo, na Windows take gada. Sau da yawa sabon allo yakan zauna a 60 Hz har sai an ɗaga shi da hannu. A Fullscreen wasan da kansa ya zaɓi 144, tazarar hoto ta zama milisakan 6.9. A Borderless ya faɗa kan 60, tazarar ta koma 16.7, ga jiran DWM a kai. Mataki na farko ke nan: ya shiga Settings, System, Display, Advanced display, ya mai da lambar 144.

Mataki na biyu, a ƙarƙashin Display ɗin ya shiga Graphics ya kunna Optimizations for windowed games, ya rufe wasan ya sake buɗewa. Na uku, ya tabbatar da idonsa. Manhajar PresentMon ta kamfanin Intel kyauta ce, tana nuna hanyar da hoto ke bi. In ya ga Hardware: Independent Flip, hoton kai tsaye yake zuwa. In ya ga abin da ya fara da Composed, to har yanzu ta hannun DWM yake bi, kuma a wannan wasan Fullscreen zai fi masa.

Akwai wanda lissafinsa daban ne, wato mai ƙaramar kwamfutar da ba ta iya ɗaukar 1920 da 1080. Wasanni da yawa ba sa barin a rage girman hoto a Borderless, sukan ɗaure shi da na Windows. A Fullscreen zai iya saukowa zuwa 1280 da 720, ɗigon da katin zai zana ya ragu da fiye da rabi, wasan ya sami numfashi. Kuɗin da zai biya shi ne baƙin allo duk lokacin da ya fita.

To wanne za a zaɓa? Mai sabon wasa a Windows 11 ya fara da Borderless bayan ya daidaita saurin allonsa, domin ribar fita da dawowa tabbatacciya ce, hasarar sauri kuwa galibi ba ta kai a ji ba. Mai gasa a tsohon wasa, ko mai buƙatar rage girman hoto, ya zauna a Fullscreen ya rage yawan leƙe waje. Taga mai baki a bar ta ga wasannin da ba a tsere da lokaci, irin su dara da kati, inda ake wasa ana wani aikin a gefe. In kuma saiti ya rikice hoto ya ƙi fitowa daidai, a wasanni da yawa Alt+Enter yana sauya wasa tsakanin taga da cike allo ba tare da an shiga saitin ba.