Kuɗin Haya: Yadda Ake Fitar Da Jadawalin Biya Daga Hoton Yarjejeniya

A Legas da Abuja, sau da yawa abin da ke fara isa hannun mai neman hayar shago shi ne hoton wasu sassan yarjejeniya da dillali ya ɗauka daga fuskar wayarsa ya aika ta WhatsApp. Da wannan hoto ɗan kasuwa kan shirya kuɗinsa na shekara guda. Sai dai yawancin ranakun biya ba a rubuce suke ƙarara ba: lissafa su ake yi daga wata rana guda, wadda idan aka kuskure ta, jadawalin duka ya karkace.

A ɗauki misalin shago a Agege. Hoton ya nuna an sa hannu ranar 14/02/2025, haya kuma ta fara aiki ranar 01/03/2025, na tsawon shekara ɗaya, a kan Naira 1,200,000. Za a biya kashi 60 cikin 100 ranar sa hannu, ragowar kuma cikin kwanaki 90 daga ranar fara haya, tare da tarar kashi 5 cikin 100 idan an makara. Akwai la'adar dillali Naira 120,000, da kuɗin lauya Naira 120,000, da ajiyar Naira 100,000 domin ɓarna, duk ranar sa hannu. Sannan akwai kuɗin shara da gadi, Naira 30,000 a farkon kowane wata uku.

Matakin farko shi ne tabbatar da cewa hoton bai yanke komai ba. Ana gane haka daga lambobin sassa. Idan sashe na 4 ya ƙare, na 6 ya biyo baya, ko aka ambaci wani sashe da ba ya cikin hoton, wajibi ne a nemi cikakkiyar takarda. Haka nan a gwada adadin da aka rubuta da lamba da wanda aka rubuta da kalmomi, domin idan sun saɓa, galibi na kalmomi ake ɗauka. A Nijeriya rana ake fara rubutawa kafin wata, saboda haka 01/03 na nufin 1 ga Maris, ko da yake kwamfutar da aka saita bisa tsarin Amurka za ta karanta shi 3 ga Janairu.

Bayan haka sai a ja layi huɗu a takarda: rana, adadi, wanda za a biya, da lambar sashen da ya ce a biya. Layin farko shi ne 14 ga Fabrairu. Kashi 60 na haya Naira 720,000 ne, idan aka haɗa da na dillali da lauya da ajiya, ya kama Naira 1,060,000.

Ragowar Naira 480,000 ita ce inda aka fi yin tuntuɓe. Kwanaki 90 daga 1 ga Maris sun cika ne ranar Juma'a 30 ga Mayu. Wanda ya ɗauka kwanaki 90 daidai suke da wata uku, ya jira 1 ga Yuni, ya makara da kwana biyu, kuma tarar Naira 24,000 ta hau kansa. Da sashen ya ce a ƙirga daga ranar sa hannu ne, da wa'adin ya cika tun 15 ga Mayu.

Kuɗin shara da gadi zai faɗo ne a ranakun 1 ga Maris, Yuni, Satumba da Disamba. A nan jadawalin ya bayyana abin da hoton ya ɓoye: tsakanin 30 ga Mayu da 1 ga Yuni ana bukatar Naira 510,000. Jimillar abin da zai fita a shekarar kuwa Naira 1,660,000 ce, kuma Naira 100,000 kaɗai ake sa ran dawowarta.

Akwai kuma ranar da ba ta biyan kuɗi ba ce, amma dole ta shiga jadawali. Hayar za ta ƙare 28 ga Fabrairu 2026. Idan yarjejeniya ta bukaci sanarwar sabuntawa wata uku kafin nan, sai a rubuta 28 ga Nuwamba 2025. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta tanadi sanarwar tashi ta wata shida ga mai hayar shekara-shekara, amma sai inda yarjejeniya ba ta faɗi nata wa'adin ba.

Jadawalin da aka gina kan hoto na wucin gadi ne. Kafin kuɗi ya fita, a gwada kowane layi da takardar da aka sa wa hannu, a kuma karɓi rasit da ke nuna lokacin da kowane biya ya shafa.