Tikitin Wasa Goma: Lissafin Yaya ga Ƙaninsa

Hoton tikitin caca ƙanin ya turo wa yayansa: wasa goma, tara sun ci, ɗaya ya karya. Ya rubuta, "Yaya, saura ƙiris!"

Yayan ya amsa da lissafi. Ya ce a ɗauka kowace ƙungiyar da ƙanin ya zaɓa tana cin wasa 70 cikin 100. Kafin biyu su ci tare, damar ta sauko zuwa 49. A wasa biyar ta koma 17, a goma kuwa ba ta kai 3 ba. Wato kusan tikiti ɗaya ke tsira cikin 35.

Sai ya shiga batun kuɗi. Idan kamfani na ninka kowane wasa da 1.35, tikitin naira 500 zai kawo kamar naira 10,000. Tikiti 35 kuwa sun lashe naira 17,500. Giɓin nan ribar kamfani ce, kowane ƙarin wasa kuma faɗaɗa shi yake yi.

"Ƙanena," in ji shi, "ka tuna Saudiyya ta doke Ajantina 2-1 a gasar kofin duniya ta 2022. Kai kuma sau goma kake ba irin wannan ƙofa a takarda guda."