Tsinke ya ce akwai jini a fitsari, amma daga ina?

A ɗakunan gwaji, sukan tsoma wani siririn tsinken roba cikin fitsari, bayan minti ɗaya ko biyu su gwada launinsa da na jikin kwalbar tsinken. Kowane ɗan gida a jikin tsinken da sinadarinsa. Gidan jini shi ya fi ɗaga hankalin mutane, shi kuma aka fi yi wa mummunar fahimta.

Wannan gida ba ya ganin ƙwayar jini. Abin da ke cikinsa sinadarin ferokzayid ne da wani rini. Idan himogulobin, wato abin da ke sa jini ja, ya taɓa shi, sai ya farfasa ferokzayid ɗin, iskar oksijin da ta fito ta mayar da rinin kore. Matsalar ita ce mayogulobin, wanda ke fita daga tsokar da ta lalace, shi ma haka yake yi. Bitamin C mai yawa kuwa yakan danne aikin, tsinke ya ce ƙalau alhali da jini.

A ɗauka an kawo yaro ɗan shekara 10, fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, tsinke ya nuna jini sosai. Ma'aikaci zai zuba mililita 10 a 'yar kwalba, ya juya ta a inji na minti 5, ya tsiyaye ruwan sama, ya ɗiga abin da ya kwanta a kan gilashi, ya leƙa ta madubin likita.

Idan ya ga jajayen ƙwayoyi lafiyayyu tare da ƙwai masu ƙaya a ƙarshensu, tsargiya ce, cutar da ta addabi yaran da ke wanka a kududdufai da madatsun ruwa na ƙasar Hausa. Maganinta firazikwantal. An fi samun ƙwan a fitsarin da aka karɓa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana. Idan kuwa ƙwayoyin sun motse, wasu sun dunƙule da siffar bututu, to a cikin ƙoda suka samu wannan siffa, matatar ƙodar ce ta kumbura. Wannan yaro awon hawan jini da na aikin ƙoda yake buƙata cikin gaggawa, maganin tsargiya ba zai amfane shi ba. In babu ƙwaya ko kaɗan, sai a yi zargin jini na fashewa a jiki, kamar a zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko kuma tsoka ce ta lalace.

Madubin ma yana da sharaɗi. Fitsarin da ya wuce awa 2 a ajiye, balle a zafinmu, ƙwayoyinsa kan narke, a duba a rasa. Abin takaici ne yadda ake rubuta wa mutane magani da launin tsinke kaɗai. Idan aka ce maka akwai jini a fitsarin ɗanka, nemi a duba shi a madubi, kuma ka kai sabon fitsari.