Tokar kwal ba tokar murhu ba ce

Akwai wata ɗabi'a da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk inda masana'anta mai ƙona kwal ta tara toka a bayan katanga, sai ka ga an yi mata caa. Mai baro ya ɗiba ya cike ramin ƙofar gida, mai gona ya ɗiba ya watsa a matsayin taki, yara kuma su mayar da tsibin filin wasa. Ka yi magana a ce maka, "Malam, toka ai toka ce." Mu mutane ne da suka saba da toka. Da ita ake tsime ruwan tokar miya, da ita ake adana wake, da ita ake wanke tukunya. Wannan sabon ne ya sa ba ma jin tsoron tokar da ta fito daga gawayin ƙasa, alhali ba abin da ya haɗa su sai launi.

Kada wani ya ce wannan zancen ƙasashen waje ne. A Anu Araren, arewa da Agadas, kamfanin SONICHAR yana ƙona kwal tun 1981 domin ba mahaƙar yuraniyam ta Arlit da garuruwan yankin wuta. A Maiganga ta jihar Gombe ana haƙo kwal ɗin da ake ƙonawa a masana'antar siminti ta Ashaka. An daɗe kuma ana maganar kafa babbar tasha a Salkadamna ta jihar Tawa. Kwal yana tare da mu, kuma da alama ƙaruwa zai yi.

Itace ruwa da ƙasar sama ya sha. Shi kuwa kwal ya shafe miliyoyin shekaru a binne, ya cakuɗe da laka da yashi da farar wuta, da ɗan abin da ba a rasa ba na dalma da zaiba da gubar asinik. A tashar wuta niƙa shi ake yi ya zama gari, a hura shi cikin tukunyar tururi. Abin da zai ci wuta ya ci, wanda ba ya cin wuta ya rage. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na tokar yana faɗowa ƙasan tukunya da nauyinsa. Sauran kashi huɗun kuwa ƙura ce mai tsananin laushi da ke bin hayaƙi zuwa bututu. Ita ce toka mai tashi, kuma a jikinta ne yawancin ƙarafan nan masu guba suke maƙalewa idan hayaƙin ya fara hucewa.

Bari mu yi lissafi, domin a nan ake gane girman abin. A ɗauki tasha mai ƙarfin megawat 500 da ke ƙona tan miliyan ɗaya da rabi na kwal a shekara. Idan kwal ɗin mai kyau ne, kashi 10 cikin 100 ne kawai toka, za a samu tan 150,000, wato lodin tirela 5,000 masu ɗaukar tan 30. Daga ciki, tan 120,000 toka ce mai tashi. Kafin hayaƙi ya kai bututu ana bi da shi ta matata, ko dai mai amfani da lantarki wajen manna ƙurar a jikin faranti, ko mai dogayen jakunkuna da ke tace ta. Matata mai lafiya tana kama kashi 99 cikin 100. To, kashi ɗayan da ya kuɓuta tan 1,200 ne. Idan kuma aka yi sakaci, jakunkuna suka yage ko wani sashe na farantan ya mutu, aikinta ya sauko zuwa kashi 95, abin da ke fita ya zama tan 6,000. Ninki biyar ke nan, alhali a takarda za a ce maka matatar tana aiki kashi 95, ka ji kamar abin yabo. Kuma mafi ƙanƙantar ƙurar ce ke kuɓucewa, wadda gashin hanci ba ya tarewa, take wucewa har can cikin huhu.

Matatar ƙura ba ta taɓa iskar farar wuta. Idan kwal ɗin nan yana da farar wuta kashi ɗaya cikin 100, to tan 15,000 ke nan, kuma idan ta ƙone ta haɗu da iska nauyinta ninkawa yake yi, ya kai wajen tan 30,000 na iskar da ke shaƙe masu asma, take kuma komawa ruwan sama mai tsami. Maganinta na'urar wankin hayaƙi ce: wata doguwar hasumiya da ake fesa ruwan niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa a cikinta, hayaƙi ya ratsa, farar ƙasar ta kama fiye da kashi 90 na iskar, abin da ya kwanta ya zama jibsam irin wanda ake sawa a siminti. Tana da tsada, tana shan ruwa, tana cin wani abu daga wutar da tashar ke samarwa, shi ya sa ita ce ake fara jinginewa idan kuɗi sun yi ƙasa. Iskar kabon mai ɗumama duniya kuwa duk waɗannan na'urori ba ruwansu da ita, ficewa take yi salin-alin.

Saboda haka a daina yanke hukunci da launin hayaƙi. Farin gajimaren da ke fita daga bututu ya watse nan kusa, galibi tururin ruwa ne, sau da yawa ma alamar na'urar wankin tana aiki ce. Wanda ya ja dogon zare mai ruwan toka ko ruwan ƙasa a sararin sama, wannan ƙura ce. Bututun da ba ka ganin komai a bakinsa kuma yana iya zama yana aman iskar farar wuta, domin ba ta da launi.

Amma abin da ya fi damuna yana ƙasa, ba sama ba. Duk abin da matata ta hana fita ta bututu bai ɓace ba, tara shi aka yi wuri ɗaya. Mutanen garin Kingston a jihar Tenesi ta Amurka sun ga haka da idonsu. Tashar kwal ɗin garin ta hukumar TVA, wadda aka kammala a 1955, ta shekara da shekaru tana dama tokarta da ruwa tana turawa cikin wani ƙaton kududdufi, ana ƙara wa gacin tsawo duk lokacin da ya cika, tsibi bisa tsibi, a kan laka mai santsi. Cikin daren 22 ga Disamba, 2008, gacin ya ɓalle. Taɓon toka kimanin kubik mita miliyan huɗu ya malale, ya rufe fili wajen hekta 120, ya lalata gidaje, ya cike kogin Emori.

Abin mamaki, ba wanda ya rasu a daren. Mutuwar daga baya ta zo, kuma ta faɗa kan ma'aikatan da aka ɗauka su kwashe. Sun yi shekaru suna aikin, toka tana bushewa tana tashi, suna shaƙa, suna cin abincin rana a cikinta, suna komawa gida da ita a jikin tufafi. A gaban kotu sun ba da shaidar cewa an hana su sa takunkumi, an kuma ce musu tokar ba ta da illa. A watan Nuwamba na 2018 masu taya alƙali yanke hukunci a Noksbil suka samu kamfanin da ke kula da aikin, Jacobs Engineering, da gazawa wajen kare lafiyarsu. A lokacin fiye da mutum 30 daga cikinsu sun riga sun rasu, wasu da yawa suna fama da ciwon huhu da kansa. Aikin sharar ya ci fiye da dala biliyan ɗaya. Ita kuma tokar, jirgin ƙasa ya yi ta jigilar kaso mai yawa nata zuwa wani juji a Yuniyantawun ta jihar Alabama, garin talakawa da yawancinsu baƙaƙen fata ne. Wannan a ƙasar da ke da kotu da likitoci da 'yan jarida ke nan. Mu da muke ɗibar ta da hannu a saka a baro, me muke taƙama da shi?

Za a ce ai ana yin siminti da bulo da ita. Gaskiya ne, kuma shi ne mafi alherin abin da ake yi da toka mai tashi. Amma a can an auna ta, an gauraya, ta daskare a cikin kankare, ruwa ba ya wanke ta cikin sauƙi. Wadda aka zuba a sake a rami, duk damina ruwa zai ratsa ta, ya narkar da asinik da sinadarin boron, ya gangara da su inda rijiya take sha. Haka ya faru a garin Payins na jihar Indiyana, inda aka yi ta cike hanyoyi da filaye da tokar kwal, aka kuma jibge ta a juji, har rijiyoyin gidaje suka gurɓata, sai da aka ja wa mutane ruwan famfo.

Asinik ba shi da ɗanɗano, ba wari, ba launi. Ruwan zai fito garau. Tafasawa ba ta kashe shi, domin ba ƙwayar cuta ba ne, sai ma ta ƙara masa ƙarfi idan ruwa ya ƙone ya ragu. Tacewa da ƙyalle ma aikin banza ne. Illarsa kuma sai an shekara ana sha take bayyana: tabo a fata, kaushin tafin hannu da na ƙafa, daga baya kansa. Gwaji ne kaɗai ke nuna shi, kuma sai an faɗa wa masu gwajin a gwada ƙarafa masu guba, domin gwajin da aka saba yi na ƙwayoyin cuta ne.

Don haka ko kyauta aka kawo tifar tokar kwal, kada a karɓa. Kada ta shiga gona, kada a cike kwararo ko tsakar gida da ita, balle kusa da rijiya ko mashayar dabbobi. Uwargida mai girki da gawayin ƙasa, kamar yadda ake yi a wasu gidaje a Nijar, kada ki haɗa tokarsa da ta itace, kada ta shiga ruwan toka ko buhun wake. Mai aikin kwasarta ya nemi takunkumi na gaske irin N95, ba ƙyallen rufe baki ba, a jiƙa tokar kafin a taɓa ta, ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya shiga cikin iyalinsa.

Idan kuma aka tara mutanen gari domin bayanin sabuwar tasha, kada dattawa su tsaya ga yawan yaran da za a ɗauka aiki. A tambayi kashi nawa na kwal ɗin ne toka, a ina za a zuba ta, a bushe ko a jiƙe, ko za a shimfiɗa leda mai kauri da yumɓu a ƙarƙashin jujin, da kuma ko akwai na'urar wankin hayaƙi a cikin kuɗin ginin. Sannan a nemi a gwada ruwan rijiyoyin garin tun kafin a kunna wuta, mai unguwa ya riƙe kwafin sakamakon, domin idan ruwa ya ɓaci bayan shekara goma, da wannan takardar za a kwatanta.